Aikin Gida na Makaranta

Aikin gida, wanda wasu malamai ke kira jinga, shi ne aikin da malami ke bai wa ɗalibi ya yi bayan an tashi daga makaranta, ba tare da malamin yana kansa ba. Yana iya zama lissafi goma a littafin rubutu, ko karanta shafi biyu, ko hadda, ko rubuta insha'i. An daɗe ana muhawara a kansa. Jihar California ta Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 aikin gida a 1901, Faransa kuma ta hana rubutaccen aikin gida a firamare a 1956. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai shi ne amfaninsa ba ɗaya ba ne ga kowane yaro: ɗan sakandare na cin moriyarsa a fili, amma a firamare amfanin ƙanƙani ne.

Manufarsa

Babbar manufa ita ce bita, wato maimaita abin da aka koya a aji har ya zauna. Akwai kuma share fage, inda ɗalibi zai karanta abin da za a koyar gobe, sai faɗaɗawa, inda zai ɗauki abin da ya koya ya yi amfani da shi a wani sabon yanayi. A firamare malamai kan ƙara da wata manufa da ba ta shafi maki ba, wato yaro ya saba da zama ya yi aiki shi kaɗai, iyaye kuma su ga inda karatunsa ya kai. Wannan bambancin manufa yana da nauyi, domin aikin da aka bayar don tarbiyya ba lalle ne tasirinsa ya fito a sakamakon jarrabawa ba.

Abin da bincike ya nuna

Harris Cooper na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a Amurka tsakanin 1987 da 2003, suka fitar da sakamakonsu a 2006. Sun auna alaƙar lokacin da ɗalibi ke ɓatawa a kan aikin gida da makin da yake samu, a ma'aunin da sifili ke nufin babu alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa. Ga 'yan aji 7 zuwa 12, daidai da ƙaramar sakandare da babba a Najeriya, alaƙar ta kai wajen 0.25. Ga 'yan firamare kuwa kusan sifili ce. Masanin ilimi John Hattie, a nazarin da ya wallafa a 2009, ya bi ta wani ma'aunin dabam ya iske abu guda: ƙarfin tasirin 0.15 ne a firamare, 0.64 a sakandare.

Sai dai waɗannan alƙaluma na buƙatar karatu da hankali, kuma nan ne mutane da yawa ke zamewa. A ɗauka malama ta bai wa 'yan aji huɗu lissafin ɗebewa guda ashirin. Yarinyar da ta fahimci darasin za ta gama cikin minti goma sha biyar ta tafi wasa. Yaron da bai fahimta ba zai kai minti hamsin yana gogewa yana sakewa. Idan mai bincike ya zo ya tambayi kowannensu tsawon lokacin da ya yi, takardarsa za ta nuna wanda ya fi daɗewa shi ya fi ƙarancin maki. Ba aikin gidan ne ya rage masa maki ba, raunin da yake da shi ne ya tsawaita masa aikin. Shi ya sa Ulrich Trautwein, masanin ilimi a Jamus, ya nuna a 2007 cewa ƙoƙarin da ɗalibi ya sa a aikin da kuma yawan lokutan da malami ke bayar da shi sun fi adadin mintoci bayyana sakamako.

Dalilin bambancin

Ƙaramin yaro bai gama iya kawar da hankalinsa daga abin da ke kewaye da shi ba. Ƙanensa na kuka, ana daka a tsakar gida, abokansa na kiransa daga zaure, duk yana jin su. Abin da ya fi wannan shi ne bai iya gane kuskurensa da kansa ba. A koma ga yaron nan mai lissafin ɗebewa. An ce ya cire 38 daga 52. Ya ga 8 ba ta fita daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 8 ya sami 6, ya cire 3 daga 5 ya sami 2, ya rubuta 26 maimakon 14. Ba a banza ya yi ba, ƙa'ida ya ƙirƙiro wa kansa, kuma zai bi ta sau ashirin a daren nan. Kafin gari ya waye kuskuren ya samu gindin zama, malama kuma za ta sha wahalar tumɓuke shi fiye da koyar da darasin daga farko. Alamar hakan ita ce a ga amsoshin duk sun kauce ta hanya ɗaya.

Ɗan babbar sakandare ya wuce wannan matakin. Yana iya gwada amsarsa, ya koma ga misalin da ke littafi, ya yi alama a inda ya cije don ya tambaya gobe. Ga kuma jarrabawar WAEC ko NECO a gabansa, manhajar ta fi ƙarfin sa'o'in aji, dole wani kaso na bitar ya koma gida.

Wannan ba ya nufin ɗan firamare ya zauna haka. Gajeriyar bita a kan abin da ya riga ya iya, kamar jadawalin sau ko karatu a bayyane a gaban wani babba, tana taimakawa. Abin da ba ya haifar da ɗa mai ido shi ne a tura shi gida da sabon darasi.

Nawa ya isa

A Amurka an saba da ƙa'idar minti goma: minti goma a kowane dare ga ɗan aji ɗaya, ana ƙara goma da kowane aji. Ɗan aji huɗu minti 40 ke nan, ɗan ajin ƙarshe na sakandare awa biyu, kuma jimillar dukkan darussa ake nufi, ba kowane darasi ba. Wannan gaɓar ce ake yawan mantawa a sakandare, inda malami biyar za su bayar da jinga rana ɗaya babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. China ta kafa iyaka a hukumance a 2021: babu rubutaccen aikin gida ga 'yan aji ɗaya da biyu, minti 60 ga aji uku zuwa shida, minti 90 ga ƙaramar sakandare.

Ko a sakandare amfanin yana da inda yake tsayawa. Gwajin PISA na 2012, wanda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta yi wa ɗaliban ƙasashe daban-daban, ya nuna 'yan shekara 15 a ƙasashen ƙungiyar na yin kusan awa biyar a mako a kan aikin gida, 'yan birnin Shanghai na China wajen awa 14, 'yan Finland ƙasa da awa uku. Ƙungiyar ta lura cewa bayan kimanin awa huɗu a mako, ƙarin lokaci ba ya ƙara wani abin kirki.

A ƙasar Hausa

Galibin wannan bincike an yi shi ne a inda yaro ke da tebur da fitila, don haka ba a ɗauko shi ɗungurungum. Yaro a Kano ko Maraɗi kan dawo daga boko ya wuce Islamiyya, inda haddarsa ke jiransa, sannan ga aike da ɗebo ruwa, yarinya kuma ga wanke-wanke. Lokacin da ya rage masa bayan Isha'i ne, wani zubin da hasken waya. Akwai kuma batun dubawa. Malamin da ke da ɗalibai 80, in ya ba kowane littafi minti biyu kacal, sai ya yi awa biyu da minti 40 a kan jinga ɗaya. Idan bai samu wannan lokacin ba sai ya ja jan biro ya sa hannu, amsar 26 ta koma gida ba a gyara ta ba. Malamai masu dabara kan rage tambayoyin zuwa biyar, a gyara su a allo a mintocin farko na darasi, yara su yi musayar littattafai, shi kuma ya zaga yana duba waɗanda suka faɗi tambaya iri ɗaya.