Tambayar Ciki Mai Dogaro a SQL

Tambayar ciki mai dogaro ita ce ƙaramar tambaya da ake sakawa a cikin babba a SQL, harshen da ake neman bayanai da shi daga rumbun bayanai, wadda ba ta iya gudana ita kaɗai sai ta ari ƙima daga layin da babbar take dubawa. Misalin da aka fi koyar da ita da shi shi ne zaƙulo ma'aikatan da albashinsu ya haura matsakaicin na sashensu.

Donald Chamberlin da Raymond Boyce na kamfanin IBM ne suka fito da harshen a 1974 da sunan SEQUEL, kuma tun farkonsa ana iya saka tambaya cikin tambaya. A 1982 Won Kim ya nuna yadda za a mai da irin waɗannan tambayoyi zuwa haɗa tebur da tebur don su yi sauri.

A ɗauka wani kamfanin jigilar kaya a Apapa yana da tebur ɗin ma'aikata:

```sql
SELECT a.suna, a.albashi
FROM ma_aikata a
WHERE a.albashi > (
  SELECT AVG(b.albashi)
  FROM ma_aikata b
  WHERE b.sashe = a.sashe);
```

Tebur ɗaya ne aka yi wa laƙabi biyu. `a` shi ne ma'aikacin da ake aunawa, `b` kuwa abokan aikinsa ne, har da shi kansa. Idan direbobi uku na sashe ɗaya suna karɓar naira 180,000 da 220,000 da 260,000, matsakaicinsu 220,000 ne, don haka mai 260,000 kaɗai zai fito. Akantoci biyu masu 300,000 da 400,000 matsakaicinsu 350,000 ne, sai na biyun ya fito.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne barin laƙabi, a rubuta `WHERE sashe = sashe`. Na'ura ba za ta ce uffan ba. Duka biyun za ta ɗauke su daga tebur na ciki, sharaɗin ya zama gaskiya a kowane layi mai sashe, sai a sami matsakaicin kamfani gaba ɗaya, wato 272,000. Akantocin biyu za su fito, direban ya ɓace. Alamar ke nan: sassan da ke da ƙaramin albashi sun ɓace ɗungurungum daga sakamakon.

`AVG`, mai fitar da matsakaici, ba ya ƙirga albashin da yake `NULL`, wato wanda ba a cike ba. Ma'aikacin da ba a cike masa sashe ba shi ma ba zai fito ba, domin `NULL` ba ya daidaita da komai. Haka wanda yake shi kaɗai a sashensa, tunda shi ne matsakaicin kansa.

A ƙa'ida, tambayar ciki tana gudana sau ɗaya ga kowane layi, abin da kan jawo nauyi a babban tebur marar fihirisa a kan `sashe`, ko da yake wasu manhajojin kan sake mata fasali da kansu. Wasu masana sun fi son `AVG(albashi) OVER (PARTITION BY sashe)`, wanda ya shiga ƙa'idar SQL ta 2003. Sai dai wannan yana tara marasa sashe wuri guda ya fitar musu da nasu matsakaicin, don haka sakamakon biyun kan sha bamban a nan.