Rahoton mako na shafi ɗaya

Rahoton mako na shafi ɗaya takarda ce da manajan aiki ke aika wa mai ɗaukar nauyin aikin, wato babban jami'in da ke riƙe da kuɗi kuma yake da wuƙa da nama a kan aikin. Ana rubuta shi da maganar yau da kullum, domin mai karantawa sau da yawa ba masanin fannin ba ne, kuma 'yan mintoci kawai gare shi.

Asali

A ranar 9 ga Agusta 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya rubuta wa majalisar yaƙinsa takarda yana kukan tsawon rahotanni. Ya nemi a jera muhimman batutuwa a gajerun sakin layi, a tura lissafi da dogon bayani zuwa rataye, a kuma daina jimloli masu kewaye-kewaye. A ɓangaren 'yan kasuwa, ana danganta al'adar takardar shafi ɗaya da kamfanin Procter & Gamble na Amurka, musamman zamanin shugabancin Richard Deupree, wajen shekarun 1930 da 1940. Daga baya tsarin gudanar da ayyuka na PRINCE2, wanda gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1996, ya tanadi gajeren rahoto da manaja ke miƙa wa hukumar aiki lokaci-lokaci.

Tsari

Layin farko shi ne zuciyar rahoton: aikin zai ƙare a ranar da aka ɗiba kuma cikin kuɗin da aka ware, ko a'a? Daga nan sai abin da ake nema daga mai ɗaukar nauyi, tare da ranar da ake buƙatar amsa. Ayyukan makon da ya wuce da na mai zuwa su zo ƙarshe.

Misali, a ginin ajujuwa, injiniya na iya rubuta "SPI = 0.8". Ma'anarsa an yi kashi 80 cikin 100 na aikin da ya kamata a ce an gama zuwa yau. Rahoto mai kyau zai ce: "An tsara kai ajujuwa 10 linta zuwa wannan Juma'a, 8 suka kai, saboda siminti ya makara. In aka amince da sayen buhu 200 daga wani dila kafin Talata, za a fara rufi a kan lokaci." Da wannan mai ɗaukar nauyi ya san abin da zai sa wa hannu.

Launuka

Galibi ana nuna halin aiki da kore, ruwan ɗorawa ko ja, irin fitilar kan hanya. Babban aibin wannan tsari shi ne abin da ake kira rahoton kankana, kore a waje, ja a ciki. Ana gane shi idan aiki ya yi makonni yana "kashi 90 an gama", ko ranar kammalawa tana ta matsawa gaba launi bai sauya ba. Wasu na ganin a bar launukan gaba ɗaya, wasu kuma suna rubuta ma'anar kowane launi tun farkon aiki, misali jinkirin da ya haura mako biyu ya zama ja.