Firigo na kama hannu: me hakan ke faɗa game da wayar ƙasa ta gidanku?

Malam, ina Talaje a Yamai, ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. In na taɓa gefen firigona ba takalmi sai in ji yar a yatsu. In na sa silifa ba na jin kome. Firigon ne ya lalace?

Hajiya, abu ɗaya ne ya tabbata tun kafin a kwance kome: gangar jikin firigon ba ta haɗe da ƙasa. Firigo da injin wanki gangar ƙarfe gare su, shi ya sa wayarsu take da zare 3. Biyu na aiki ne, wato faz mai ɗauko wuta da nitir mai launin shuɗi da wutar ke komawa ta cikinta. Ta uku, mai launin kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa, an ɗaure ta a jikin ƙarfen ne don duk wutar da ta zurara ta bi ta nan ta shige ƙasa. In wannan hanya ta yanke a wani wuri, ko ba a taɓa yin ta ba, wutar takan zauna a gangar tana jira. Ranar da kika taɓa da ƙafa a kan siminti, ke ce kika zama hanyar. Silifar roba ta yanke hanyar ne kawai, wutar tana nan inda take.

Ko firigon ya lalace, wannan yatsa ba ya iya faɗa. Lafiyayyen firigo yana iya yin haka, wanda ya fara lalacewa ma yana yi, kuma da farko ji ɗaya ne.

Ta ƙaƙa lafiyayyen abu zai zubo wuta?

Injinan wanki da firigon zamani masu allon lantarki suna da matata a mashigar wuta. A cikinta akwai ƙananan kondansata guda 2, wato ƴan kayan lantarki da ke barin wuta kaɗan ta ratsa su, ɗaya tsakanin faz da gangar ƙarfe, ɗaya tsakanin nitir da gangar. Da gangan aka sa su, don su kwashe hayaniyar da injin ke jefawa cikin layi. In wayar ƙasa tana aiki, ɗan abin da ke ratsa su yana wucewa ba wanda ya sani. In babu ita, gangar takan tsinci kanta a tsakiyar su biyun, sai ta ɗauki kusan rabin wutar NIGELEC, wajen bolt 110 daga cikin 220.

Adadin yana tsorata mutane, amma abin da ke cutar da jiki shi ne yawan wutar da ta ratsa shi, wadda ake aunawa da miliamfa, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfa. Kondansata mai rubutun 4,7 nF, a wutar bolt 220 irin tamu, ba ta barin fiye da kusan miliamfa 0,3 ta wuce. Fatar mutum tana fara jin wuta daga wajen rabin miliamfa zuwa 1, wuri mai laushi kamar cikin hannu ko inda aka yi rauni yana ji tun ƙasa da haka. Shi ne wannan yar ɗin. A wajen miliamfa 10 hannu yakan ƙage ya kasa saki. Daga 30 zuwa sama numfashi da zuciya ke shiga haɗari.

Ɗaya dalilin shi ne mai muni. Rufin wayar cikin kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya firigon, ya fara cinyewa, ko ɓera ya gwaguye waya a baya ta jingina da ƙarfe, ko ƙarfen dumama ruwa na injin wanki ya tsage ruwa ya shiga. A nan ba kondansatar da ke taƙaita wutar. Yau zurarar kaɗan ce, gobe rufin ya ƙarasa mutuwa bolt 220 cif ta hau gangar. Mutum mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa, turjiyar jikinsa, wato ƙarfin da jikin ke tare wuta da shi, tana iya sauka zuwa wajen om 1000 ko 2000. A raba bolt 220 da om 2000, amfa 0,11 za ta ratsa shi, miliamfa 110 ke nan. Mai sayar da ƙanƙara kuwa, ƙasan ɗakinta kusan kullum a jiƙe yake.

To ta yaya ake rarrabe su?

Akwai alamun da ke kanki za ki lura da su ba sai kin sake taɓawa ba. In jin ya fi ƙarfi lokacin da kwamfuresa ya tashi, ko injin wanki ya fi kamawa sa'ad da yake dumama ruwa, ko abin ya ƙaru da damina, ko da can babu shi sai kwanan nan ya soma alhali ba a canza wurin jona shi ba, a zargi lalacewa. A zare shi daga wuta har mai gyara ya zo.

Testa, sukudireban nan mai ƴar fitila, ba ya raba gardama, domin ƴar zurarar matata ma tana kunna shi. Mitar awo ta hannu ma tana ruɗi in aka tsaya a awo ɗaya, saboda ba ta jan wuta kusan ko kaɗan.

Ga yadda mai gyaran da ya san aikinsa zai bi. A ce ya sa mita tsakanin gangar firigonki da nitir, ta nuna bolt 108. Sai ya ɗauko ƴar turjiya mai om 2000, wadda ke tsayawa a madadin jikin mutum, ya haɗa ta tsakanin wuraren biyu ya sake aunawa. In adadin ya faɗo zuwa bolt 0,6, lissafin ya ba da miliamfa 0,3: zurarar matata ce, firigon lafiya lau, wayar ƙasa ce babu. In ya tsaya a bolt 20, miliamfa 10 ke nan, ba matatar da ke ba da haka. Daga nan sai ya zare firigon, ya gwada rufin wayoyinsa da na'urar da ke tura bolt 500 tsakanin wayoyin aiki da gangar. Lafiyayye yana nuna sama da om miliyan 1. In ya gaza, sai a riƙa cire sassa ɗaya bayan ɗaya, kwamfuresa, fitilar ciki, abin narkar da ƙanƙara, har a ga wanda ke ja.

Sai kuma a bi wayar ƙasar a gano inda ta yanke, kuma sau da yawa ba a cikin bango ba ne. Ralonji mai zare 2 ne, ko piriz mai rami biyu kawai. Ko kuma kayan da aka sawo daga Najeriya masu kai mai faffaɗan baki 3, aka sa musu abin jonawa na kasuwa wanda ba ya ɗaukar baki na uku, ko aka yanke kan aka ɗaura wani aka bar zaren kore yana reto. Wani lokacin piriz ɗin yana da tsinkensa na ƙasa a tsaye, amma in aka kwance sai a tarar ba waya a bayansa.

Maƙwabcina ya ce in juya kan wayar, wani kuma ya ce a haɗa gangar da nitir ko da fanfo.

Juya kan wayar yana iya rage jin in zurarar ta fi kusa da gefe ɗaya, amma bai gyara kome ba, ɓoyewa ya yi. Fanfo kuwa, yawancin bututan yanzu na roba ne, ba sa kai wuta ko'ina. In ma akwai guntun ƙarfe, an kai wutar inda yara ke wanke hannu ke nan.

Haɗawa da nitir a cikin piriz shi ya fi duka haɗari, kuma shi ya fi jan hankali domin nan take jin ke ɓacewa. Ranar da nitir ya saki a wani wuri, a kwantar ko a mahaɗar waya, wutar da ta shiga ta faz ta ratsa injin ba ta da mafita sai gangar. In kuma wani mai gyara ya musanya wayoyin biyu bai sani ba, faz ce kai tsaye a jikin firigon. Duk mai gyaran da ya kawo miki wannan shawara, kar ki bar shi ya taɓa sauran wayoyin gidan.

In na sa an kafa sandar ƙasa, magana ta ƙare?

Jin zai ɓace, amma sandar, wato ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa shi da wayar ƙasa, ita kaɗai ba ta isa kariya ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa. A ce an kafa sanda mai turjiyar om 100, sannan faz ta taɓa gangar. Wutar da za ta bi ta ƙasa ita ce 220 a raba da 100, kusan amfa 2. Dizontar na piriz mai amfa 16 ba zai motsa ba, a wurinsa wannan bai kai abin da dutsen guga ke ci ba. Wutar za ta ci gaba da gudu, gangar tana ɗauke da kusan bolt 200, kwantar tana ƙirga kuɗi.

Abin da ke katsewa a wannan hali shi ne dizontar diferansiyel. Yana kwatanta wutar da ta fita ta faz da wadda ta dawo ta nitir, in ya ga giɓi ya katse. Ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, wadda masu aikin wutarmu ke koyo da ita, ta ce kar gangar kaya ta wuce bolt 50. Da babban dizontar mai rubutun 500 mA, wato miliamfa 500, sai sandar ta kasance om 100 ko ƙasa da haka, domin rabin amfa sau 100 shi ne 50. Amma 500 mA ta wuce abin da ke kashe mutum nesa ba kusa ba. Don kare jiki, mai rubutun 30 mA ake sa wa layin piriz. Yana da maɓalli mai alamar T, a danna shi sau ɗaya a wata, in bai katse wuta ba a canza shi. In kuma ya riƙa faɗuwa duk lokacin da firigo ya tashi, kar a tsallake shi don gudun narkewar ƙanƙara. Matsalar firigon ce yake nuna miki.

Samun om 100 a ƙasarmu ba wasa ba ne. Busasshen yashi da jan dutsen tudu ba sa kai wuta sosai, kuma a wuraren duwatsu irin na Adar wajen Tawa ya fi wuya. Sandar ƙarfe mai rufin tagulla ta mita 2 ake kafawa, a wuri mai danshi in akwai shi. In ɗaya ba ta isa ba a ƙara wata a haɗa su da waya, da tazarar da ta kai aƙalla tsawon sandar, domin in suka matsu da juna ta biyun ba ta ƙara abin kirki. Gishiri da gawayin da ake zubawa a ramin suna sauko da adadin na ɗan lokaci, amma ruwa yana wanke gishirin, kuma yana cin ƙarfen da mahaɗarsa. A bar mahaɗar a inda za a iya buɗewa a duba tsatsa. Awon kuma a yi shi da na'urar auna ƙasa a watan Afrilu ko Mayu kafin ruwa ya sauka, domin sandar da ta nuna om 60 a Agusta tana iya haura 100 da bazara.