Waiwaye: Yadda farashin Wapa ya koma cikin waya

Duk wanda ya san Kano ya san dala farashi biyu gare ta: wanda ake karantawa a labarai, da wanda ake faɗa maka a kasuwar canji ta Wapa. Tun kusan 2021 aka samu na uku, wanda ɗan kasuwar Kantin Kwari ke dubawa a wayarsa kafin ya buɗe shago, wato farashin USDT. Wannan sulalla ne na intanet da kamfanin Tether ya fara fitarwa a 2014, bisa alƙawarin cewa kowane guda ɗaya akwai dala ɗaya ko kadara daidai da ita a ajiye. Akwai takwaransa USDC da ya zo a 2018, amma a kasuwar nan USDT ake kira, har wasu na cewa "dalar waya".

Ba sha'awar fasaha ce ta kai 'yan kasuwa can ba. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ƙara sayar wa masu shigo da su dala ba, kuma yadi da atamfa na ciki. Ma'ana, mutumin Kwari da ke odar kaya daga Guangzhou ba shi da rabo a dalar banki ko da takardunsa sun cika. Wapa ce ta riƙe shi. Sai a 5 ga Fabrairun 2021 babban bankin ya hana bankuna hulɗa da kamfanonin kirifto, wato masu cinikin irin waɗannan sulalla na intanet, a watan Yulin shekarar kuma ya daina sayar wa 'yan canji masu lasisi dala. Matakin farko bai kashe cinikin ba, sai dai ya sauya masa hanya. Mutane suka koma tsarin P2P: kai ka tura naira zuwa asusun bankin mai sayarwa kamar yadda za ka tura wa kowa kuɗi, manhajar kuma ta riƙe USDT ɗinsa a matsayin amana har sai ya tabbatar kuɗinka sun shiga. Banki ba ya ganin komai sai mutum ya tura wa mutum.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren kwatance. A ƙarshen 2022 farashin gwamnati yana wajen naira 450, na kasuwar bayan fage kuwa ya haura 730, kuma USDT na bayan fagen yake bi, wani lokaci da ɗan ƙari. Wanda ya kalli lambobin zai ce banki ya fi araha da kusan naira miliyan uku a kan dala 10,000. Gaskiya ne a takarda. Amma dalar 450 ɗin nan ba kowa ke samunta ba: ko wanda kayansa ba sa cikin jerin, sai ya yi watanni a layi. A wancan zamanin USDT bai taɓa gasa da banki ba, da Wapa yake gasa, kuma abin da ya fi ta shi ne ba sai an ɗauki jakar kuɗi an hau jirgi ba.

Labarin ya juya a 14 ga Yunin 2023, lokacin da aka haɗe kasuwannin canji, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. A Oktoban shekarar aka soke jerin kayan da aka hana, a Disamba kuma aka ɗage takunkumin kirifto na 2021. Amma naira ta ci gaba da zubewa, kuma a Fabrairun 2024 allon P2P na Binance, babban dandalin cinikin kirifto, ya zama agogon da kowa ke saita farashi da shi, har ya haura 1,800. Gwamnati ta zargi dandalin da jan farashi, aka tsare jami'ansa biyu a Abuja, gwamnan babban banki Olayemi Cardoso ya ce dala biliyan 26 ta ratsa ta Binance a Najeriya cikin shekara guda. A watan Maris kamfanin ya rufe duk harkarsa ta naira. Cinikin ya watsu zuwa wasu manhajoji da dillalan da ake sani ido da ido. Daga baya tazarar banki da bayan fage ta matse sosai, a 2025 kuma sabuwar dokar zuba jari ta sanya kadarorin intanet ƙarƙashin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari.

Da tazarar ta matse, sai lissafi ya koma kan ƙananan abubuwa. Farashin da ke kan allo ba shi ne farashin da ka biya ba. Na gaskiyar shi ne nairar da ta fita daga hannunka gaba ɗaya, a raba da abin da ya isa hannun mai kaya.

Mu ɗauki misali da lambobin da na ƙaddara. Alhaji zai biya masana'anta a China yuwan 71,500, wato dala 10,000 idan dala ɗaya yuwan 7.15 ce. Banki na sayar da dala 1,520, USDT kuma yana 1,545 a saman allo. Bambancin naira 25 ke nan.

Ta banki, dalar kanta miliyan 15 da dubu 200. A ƙara kuɗin aikawa da la'adar banki, a ce dubu 100, da dala 40 da wani banki da kuɗin ke bi ta cikinsa a ƙasar waje zai yanka a hanya, kimanin dubu 61. Jimilla 15,361,000, wato dala ta tsaya masa a 1,536.

Ta USDT kuwa, mai 1,545 ɗin nan sau da yawa 'yan ɗaruruwa kaɗai gare shi, don haka Alhaji zai tattara daga mutum uku ko huɗu, matsakaicin farashi ya koma 1,549. Kuɗin turawa ta TRC20, ɗaya daga cikin layukan da ake aika USDT, bai taka kara ya karya ba, dala ɗaya ko 'yan kaɗan ne komai yawan kuɗin. Babban yankan yana can ƙarshe. China ta haramta hada-hadar kirifto tun Satumbar 2021, saboda haka masana'anta yuwan take so, kuma dillalin da zai canza ya ce 7.05 zai bayar. Don a cike 71,500 sai an tura USDT 10,142, wato kusan naira 15,710,000. Dala ta tsaya a 1,571. Tazarar da ta fara da 25 ta zama 35, kusan naira dubu 350 a oda ɗaya.

To me ya sa har yanzu wasu ke zaɓar mai tsadar? Lokaci. USDT na isa cikin mintuna, banki kuwa sai an buɗe Fom M, takardar rajistar shigo da kaya, an bi takardu, kuma a lokaci irin Fabrairun 2024 jiran mako biyu ya isa ya cinye ninkin wancan dubu 350. Haka kuma in kuɗin kaɗan ne lissafin kifewa yake: dala 40 a kan 10,000 ba komai ba ce, amma a kan dala 200 da uba zai aika wa ɗansa ɗalibi a Alƙahira, kashi ɗaya cikin biyar ce. Shi kuma mai karɓar kuɗi daga waje, tsadar USDT ribarsa ce, tunda shi ne mai sayarwa.

Akwai kuɗin da ba ya shiga lissafi sai ya faru. Idan nairar da baƙo ya turo maka ta damfara ce, asusunka ake rufewa, kuma haka yake faruwa da asusun mai masana'anta a China idan yuwan ɗin dillali ba ta da tsabta. Alamar farko ita ce sunan mai turo kuɗin bai zo daidai da sunan da ke kan manhaja ba. Kuskuren adireshi ko na layi sau da yawa ba a dawo da shi. Shi kansa ɗaurin da aka yi wa sulallan da dala yakan kwance: wani sulalla mai suna TerraUSD ya rushe gaba ɗaya a Mayun 2022, USDC kuma ya faɗi ƙasa da senti 90 a Maris na 2023 bayan durƙushewar bankin Silicon Valley, kafin ya dawo cikin 'yan kwanaki. Sannan biya ta waya bai sallami Alhaji daga kwastan ba. Ranar da kwantena ta sauka Apapa, Fom M ɗin da ya guje wa shi za a fara tambayarsa.