Takardar Neman Mayar da Kuɗi Idan Kayan Intanet Ba Su Iso Ba

Takardar neman mayar da kuɗi rubutaccen bayani ne da mai katin banki yake miƙa wa bankinsa idan ya biya kuɗin kaya a intanet amma mai sayarwa bai kawo su ba. A fom ɗin bankuna ana ganin sunan wannan tsari da `chargeback`. Bankin mai katin ne yake janyo kuɗin daga bankin mai sayarwa bisa dokokin kamfanin katin, shi ya sa tsarin bai shafi wanda ya tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu ba.

Kamfanin Visa ya ware wa irin wannan ƙorafi lamba 13.1, Mastercard kuma yana sanya shi ƙarƙashin 4853. Wa'adin da aka saba shi ne kwana 120, kuma ana iya fara ƙirga shi daga ranar da aka yi alkawarin kawo kayan. Saboda haka ranar alkawari ita ce ƙashin bayan takardar.

Misali, mace ta sayi keken ɗinki na naira 85,000 ranar 3 ga Maris, aka ce zai iso ranar 17 ga wata. Wa'adinta zai cika ranar 15 ga Yuli. A takardarta za ta rubuta sunan mai sayarwa daidai yadda ya fito a bayanin asusunta, domin sau da yawa yakan bambanta da sunan shagon, sannan adadin kuɗin, da lambar oda, da lambobi huɗu na ƙarshen katin kawai. Za ta faɗa ƙarara cewa ita da kanta ta biya, kuma kayan bai zo hannunta ba, bai kuma zo hannun wani da ta wakilta ba. Daga nan sai ta jero ranakun da ta tuntuɓi mai sayarwa da amsar da ta samu, ko shirun da ya yi, tunda banki yana son shaidar cewa an fara neman sulhu. Za ta haɗa rasit da hotunan saƙonnin, ta sa hannu da kwanan wata.

Kuskuren da ya fi cutar da masu ƙorafi shi ne su rubuta cewa ba su san da cinikin ba, don haushin an damfare su. Wannan yana mayar da maganar ƙorafin satar kati, kuma da zarar mai sayarwa ya nuna cewa mai katin ne ya yi odar, ƙorafin ya faɗi.

Mai sayarwa yana da damar kare kansa, galibi da takardar kamfanin jigila mai nuna an miƙa kaya. Idan ya kawo ta, ya kamata mai katin ya duba adireshi da sa hannun da ke jiki, ya rubuta wa bankinsa duk saɓanin da ya gani kafin wa'adin amsa ya wuce.