Yumɓu ne, busasshen yashi ne, ko ruwa? Karatun zanen awon ƙasa kafin tona burtsatse

Tambaya: An yi mana awon ƙasa a Zariya, aka ba mu zane mai layi da ya gangara ya sake hawa. Me yake nufi?

Amsa: An tura lantarki cikin ƙasa ta turakun ƙarfe biyu, ana ƙara tazararsu don wutar ta ƙara nutsewa. Rabin tazarar shi ne AB/2, yana kwance a ƙasan zanen. Na tsaye kuwa turjiyar ƙasa ce ga wutar, da ma'aunin om-mita. Busasshen yashi da marmara suna turje wa wuta, sai ka ga ɗaruruwa har dubbai. Yumɓu na sakin ta, yawanci ƙasa da 20. Ruɓaɓɓen dutse mai ruwa yakan faɗi tsakanin 30 da 200, lafiyayyen dutse kuma ya haura 1000.

Zanenku shi ake kira H, kuma shi aka fi gani a ƙasar dutse irin ta Zariya da Kano: sama busasshe, tsakiya mai danshi, ƙasa dutse. In wutsiyar layin ta miƙe sama a kusurwar digiri 45, an taɓo dutsen.

Tambaya: Kenan inda layin ya fi yin ƙasa nan ruwa yake?

Amsa: Nan mutane ke asarar kuɗinsu! Yumɓu yana jan layi ƙasa sosai, kuma ko jiƙe yake sharkaf ba ya sakar wa famfo ruwa. Ruwan gishiri ma yana jan layin ƙasa. Sannan AB/2 ba zurfi ba ne: kwarin da ya fito a mita 30 ba ya nufin a tona mita 30. Sai an saka alƙaluman a manhaja irin IPI2Win ta fitar da kauri da turjiyar kowane hawa.

Tambaya: To manhajar ba ta kuskure?

Amsa: Tana yi. A ce akwai marmara mita 10 a sama, dutse a ƙasa. A tsakiya, hawa mai kauri mita 8 da turjiya 20, da wani mai kauri mita 16 da turjiya 40, zanensu kusan ɗaya ne, domin in ka raba kauri da turjiya duka 0.4 suke bayarwa. Na farko ya fi kama da yumɓu, na biyu ana iya sa ran ruwa a cikinsa. Abin da ke raba gardama shi ne bayanin burtsatsen maƙwabta: a wane zurfi suka tarar da dutse, wace ƙasa injin ya fitar. In sun same shi a wajen mita 26, na biyun ne. Ni ba na yarda da rahoton da bai duba wannan ba.

A kuma lura, siririyar tsagar dutse mai ruwa a can ƙasa sau da yawa ba ta fitowa a zanen sam.