Lissafin mafi muni bai yi ƙarya ba

Na daɗe ina jin masu zanen injin suna cewa tara saɓanin awo kai tsaye, wato lissafin mafi muni, tsohon yayi ne, wai RSS, wato lissafin tushen jimillar murabba'ai, ce ke faɗin gaskiya. Kuskure ne, domin tambayar da kowanne ke amsawa daban ce.

A jera zobba 4 a kan sanda, kaurin kowanne milimita 10, an yarda ya saɓa da ±0.1. Lissafin mafi muni zai tara: 40 ±0.4. Wato ko duk huɗun sun fito da kauri, tsawon ba zai wuce 40.4 ba. Wannan tabbaci ne. Ita RSS, sai a ninka kowane 0.1 da kansa, a tara, a ɗauki tushen murabba'i: √0.04 = 0.2. Rabi ke nan.

Ina rabin ya tafi? Caca aka yi cewa mai kauri zai haɗu da siriri su cike wa juna. Cacar tana ci idan awon kowane zobe bai dogara da na ɗan'uwansa ba, kuma yawancinsu suna kusa da 10. To, idan injin guda ya yanka su da wuƙar da ta cinye, duka za su karkata gefe ɗaya, a ce 0.09 kowanne, sau huɗu, 0.36. Murfin da aka ƙera musu bisa lissafin 0.2 ya ƙi rufuwa, alhali kowane zobe ya ci jarrabawar awo. Shi ya sa a kayan birki ni mafi muni nake bi.